Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga shugabannin ƙungiyar masu kemis na Kano kan allura da ƙarin ruwa a shago

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, iyayen ƙungiya, ina gaishe ku da ɗawainiyar jama'a, ina yi muku fatan alheri ku da iyalanku. Ni tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce. Mafi yawan shekarun aikina a ɗakin yara da ɗakin ba da agajin gaggawa na yi su, yanzu kuwa na ajiye aiki ina zaune a unguwa cikin jikoki. Ba da bakina ni kaɗai nake magana ba. Matan layinmu da muke haɗuwa a Islamiyya ne suka ce tunda ni na san abin, in rubuto muku, bayan abin da ya sami ɗan maƙwabciyarmu a daminar nan. Ku kuma har yau ba mu ji kun ce uffan ba a kan bencin nan da labulen da ke bayan kantar shaguna da yawa, inda ake tsira wa mutane allura ana rataya musu ledar ruwa a jikin ƙusa.

Ba ƙararku na kawo ba. Na san idan jikin yaro ya yi zafi da tsakar dare ƙofar mai kemis ake ƙwanƙwasawa, na san bashin da kuke bai wa masu ƙaramin ƙarfi wanda asibiti ba zai bayar ba. Ni ma a wurin ɗanku nake sayen maganin hawan jinina. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Kun fi ni sanin cewa takardar izinin da Hukumar Kula da Harhaɗa Magunguna ta ƙasa take bai wa mai kemis ta sayar da magungunan da ba sa buƙatar rubutun likita ce, cikin kwalinsu yadda kamfani ya rufe. Babu allura a ciki, babu ƙarin ruwa. Yaran shago da yawa gani suke wannan doka son kai ne na masu manyan takardu, don kada wani ya ci abinci. To ina so in faɗi dalilin dokar yadda na gan shi da idona, domin wanda ya fahimci dalili ya fi wanda aka tsorata da tara riƙe doka.

Ƙwayar magani idan an haɗiye ta, sai ta bi ta hannun masu gadi. Ruwan tsamin da ke cikin tumbi yana kashe ƙwayoyin cuta da yawa. Hanji ba ya sakin maganin gaba ɗaya, tsotsa yake a hankali, sau da yawa sai an yi rabin awa ko fiye kafin ya fara aiki. Abin da ya tsotsa kuma sai ya ratsa ta hanta kafin ya gama jiki. Idan aka yi kuskure, akwai tazara: mutum zai iya yin amai, za a iya kai shi asibiti, za a iya hana shi shan sauran. Ba na cewa ƙwaya ba ta kisa, tana yi, na ga wanda farasitamol ya lalata wa hanta. Amma tana ba da lokaci. Allura kuwa zarar bunu ce. Ta huda fata, wadda ita ce katangar jiki, ta tsallake tumbi da hanji, idan ta jijiya ce cikin ƙasa da minti ɗaya ta isa zuciya da ƙwaƙwalwa. Duk abin da ke cikin sirinjin nan, magani ne ko datti ko kuskuren lissafi, ya shiga ke nan, ba mai iya zaro shi. Saboda haka wanda zai yi allura dole ya kasance yana da abin tarar matsala a gefensa tun kafin ya huda. Shago ba shi da shi.

Bari in fara da ƙarin ruwa, don shi ne ya kusa raba maƙwabciyarmu da ɗanta.

Yaron shekararsa ɗaya da rabi, nauyinsa kilo 10. Kwana uku yana zazzaɓi, ya yi amai sau biyu, ya daina cin abinci amma yana kama nono. Uwar ta kai shi wani shago, aka ce jikinsa ba ruwa, aka nemo jijiya a bayan hannu, aka rataya leda ɗaya ta ruwan gishiri mai mililita 500, aka zuba mata allurar bitamin ta koma ruwan ɗorawa, aka buɗe igiyar. Kafin awa ɗaya ta cika ledar ta ƙare. Da aka kira ni bayan la'asar na tarar fuskarsa ta kumbura, hancinsa yana buɗewa yana rufewa, ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa, yana wani gurnani a kowane numfashi. Na ja fatar idonsa ƙasa, fari fat kamar takarda. Tafin hannunsa ma haka. Ba ruwa yaron nan ya rasa ba, jini ya rasa. Zazzaɓin cizon sauro ne ya farfasa masa jini.

Ku yi lissafin tare da ni. Yaro mai kilo 10 da ba ya ci ba ya sha sam, abin da jikinsa yake buƙata kusan lita ɗaya ce a yini da kwana, wato mililita 40 da ɗoriya a awa. Igiyar ƙarin ruwa ta manya, wadda ita ce ake samu a ko'ina, ɗigo 20 ne yake ba da mililita ɗaya. Ke nan abin da ya dace da shi bai wuce ɗigo 14 a minti ba. Leda ɗaya ɗigo 10,000 ce, idan ta ƙare a awa ɗaya an zuba masa ɗigo sama da 160 a minti, ruwan awa goma sha biyu a awa guda. Duk jinin da ke jikin yaro irin wannan bai fi mililita 800 ba. An ƙara masa fiye da rabin wannan, a kan zuciyar da tun farko gudu take don ta zagaya da ɗan jinin da ya rage. Ruwan ya ƙara tsinka jinin, zuciya ta gaza turawa, sai ya koma baya ya taru a huhu. Yaro yana kan benci a cikin shago amma nutsewa yake yi. Allah ya sa muka isa asibiti da shi da sauran numfashi, aka sa masa iskar oksijin, aka yi masa allurar da ke sa fitsari don ruwan ya ragu, aka ƙara masa jini a hankali a hankali. Ya rayu, alhamdu lillahi. Kuɗin da uban ya kashe a kwana biyar ɗin nan ya ninka na gwajin zazzaɓi da ƙwayar kwana uku sau ban san adadi ba, kuma su ne da aka fara da su a ranar farko da ba a zo nan ba.

Kada ku ce wannan kuskuren ɗan koyo ne kawai. Likitoci ma sun daɗe suna ganin zuba wa yaro mai tsananin zazzaɓi ruwa da sauri taimako ne, har sai da aka gwada abin a asibitocin Yuganda da Kenya da Tanzaniya a kan yara sama da 3,000, sakamakon ya fito a 2011: waɗanda aka zuba wa ruwan da sauri sun fi waɗanda ba a zuba wa ba mutuwa. Wannan a asibiti ne, da ma'auni da ma'aikata suna tsaye a kai. Ina ga bayan labule, inda mai shagon zai rataya leda ya koma kanta yana ba da canji?

Ba yara kaɗai ba. Ƙasarmu ta Kano da Zariya tana cikin wuraren da aka fi sani a duniya da ciwon zuciyar masu jego. Mace ta haihu, bayan makonni ƙafafunta su kumbura, ta riƙa haki, ta kasa kwanciya sai a jingine. Dangi su ce jini ta zubar, ba ta da ƙarfi, a ƙara mata ruwa. Ita kuwa ruwa ne ya yi mata yawa. Kowace ledar ruwan gishiri tana ɗauke da gishiri giram 4.5, a ɗora a kan kunun kanwar da take sha safe da yamma. Haka dattijo mai hawan jini da ƙodarsa ta fara gajiya, haka mai ciki da ta kumbura, haka yaro mai tamowa, wanda ko a asibiti ba a taɓa masa jijiya da ruwa sai in ya suma ko ya kusa. Duk waɗannan da kasala suke zuwa, kuma kasala ita ce abin da ake rataya wa leda.

Abin takaicin, ƙarfin da ake cewa ruwa yana sawa babu shi. Ledar ruwan sukari ta kashi 5 cikin ɗari giram 25 na sukari ne a cikinta, bai kai na kwalbar lemo ɗaya ba. Kofin kunu ya fi ta abinci. Launin ɗorawar nan bitamin ne da ake samu a ƙwaya, yawancinsa ma a fitsari zai fita. Ƙarin ruwa yana ceton rai, na ga ya tashi masu amai da gudawa da idonsu ya riga ya faɗa, amma na wanda ba ya iya sha ne. Duk mai iya haɗiya, ruwan gishiri da sukari na sha ya fi masa, domin hanji yana ɗaukar abin da jiki yake so, ƙishirwa kuma tana gaya masa inda zai tsaya. Jijiya ba ta cewa ya isa.

Sai maganar auna magani. Ƙwaya kamfani ya riga ya auna ta, ya rubuta a kwali, har da hoton shekarun yaro a wasu. Allura kuwa mai yin ta ne kamfanin. Shi zai san nauyin mutum, ya ninka, ya raba, ya zuƙo daidai. Shaguna nawa ne suke da sikelin auna yaro? Abin da ake yi shi ne babba kwalba ɗaya, yaro rabi, jariri rabin rabi. Ku ɗauki jentamaisin, wadda ake yi wa kusan kowane mai zazzaɓi da sunan taifot. 'Yar kwalbarta mai mililita 2 tana da miligiram 80. Jariri sabon haihuwa mai kilo 3 miligiram 15 ne rabonsa a yini, ƙasa da rabin mililita. Rabin kwalba ya kusa ninka wannan sau uku. A da ma akwai wata mai miligiram 280 a kwalba mai girma iri ɗaya, wadda NAFDAC ta soke rajistarta a 2010 saboda ɓarnar da take yi wa ƙoda da kunne. Wanda ya saba da rabin kwalba ba ya duba lamba.

Ita kuma ɓarnar jentamaisin ba a shago take bayyana ba, shi ya sa mai shagon zai rantse bai taɓa samun matsala da ita ba, kuma a iya saninsa gaskiya ya faɗa. Ƙoda ce take fitar da maganin. Idan mutum yana amai jikinsa ya bushe, ƙodar ba ta tacewa sosai, maganin sai ya taru. A haɗa masa da allurar dikulofenak don ciwon jiki, wadda ita ma rage jinin da ke zuwa ƙoda take yi, a maimaita kwana uku ko biyar. Bayan mako fitsari ya ragu, fuska ta kumbura, a fara maganar wankin ƙoda. A yaro kuma, sai ya kai shekara biyu ba ya juyowa in an kira sunansa, a ce haka Allah ya yi shi. Jin da wannan magani ya ɗauke ba ya dawowa.

Akwai kuma kuskuren haɗi, wanda ba ruwansa da yawan magani. Seftiriyazon gari ce a kwalba, sai an narka ta. Ta tsoka ana narka ta da ruwan kashe zafi mai suna lidoken, ta jijiya kuma da tsabtataccen ruwan allura. Kwalayen kusan kama ɗaya suke. Wanda ya tura ta tsoka a jijiya ya aika wa zuciya maganin da zai iya rikita bugunta ko ya sa mutum jijjiga nan take. Idan kuma aka zuba ta cikin ledar ruwan Hatman, mai sinadarin kalsiyam, sai su haɗu su yi gudaji, kuma an rasa jarirai ta wannan hanya. Sannan wurin hudawar kansa. Babbar jijiyar da ke motsa ƙafa ta tsakiyar ɗuwawu ta bi ta sauka. A yaro ramamme, mai wutsil-wutsil ana danne shi, tsakaninta da fata ba nisa. Idan allura ta same ta, yaro zai tsala ihun da ba irin na kullum ba, daga ranar tafin ƙafar ya saki, yana jan sa a ƙasa. Na ga irinsu da yawa an kawo su da sunan shan inna. Ai dalilin da ya sa ake yi wa jarirai rigakafi a cinya ke nan.

Na zo kan datti. Na san amsar da za ku ba ni: yanzu kowa sabuwar allura yake ɓarewa a gaban mai ita. An ci gaba, ban musa ba. Amma cuta ba a bakin ƙarfen kaɗai take ba. Wani zai canza allurar ya bar sirinjin, alhali lokacin da ake zare ta daga jiki ɗan jini yana komawa ciki wanda ido ba ya gani. Wani zai soka allura ɗaya a robar babbar kwalba ya bar ta a tsaye yini guda, kowa ya zo a zuƙa ta nan. Wani ledar ruwa ɗaya ya huda tun shekaranjiya, daga ita yake ɗiban ruwan narka magani. Ga audugar da aka jiƙa aka tara a gwangwani, ga hannun da ya karɓi kuɗi yanzu ya kama jijiya. Ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya kwana bakwai a busasshen jini tana da rai, kuma ta fi ta ƙanjamau saurin kamu ta allura nesa ba kusa ba: sukar allurar mai ƙanjamau kusan mutum 3 cikin 1,000 take kamawa, ta mai wannan ciwon hanta kuwa tana iya kaiwa 3 cikin 10. Wanda ya ɗauka ba zai sani ba. Sai bayan shekara ashirin ciki ya kumbura, ido ya yi ɗorawa, a yi ta maganin shawara da sammu, ba wanda zai tuna da bencin kemis. Ba a taɓa ɗaukar wannan cuta ta haɗiyar ƙwaya ba.

Wannan ba hasashe ba ne, ya faru ga ƙasashe. Masar ta yi shekaru tun daga wajen 1950 har farkon shekarun 1980 tana yi wa mutanen karkara allurar maganin tsargiya da sirinjin gilas da ba a dafa shi yadda ya kamata, ta wayi gari tana cikin ƙasashen da suka fi kowa ciwon hanta nau'in C. A nan gida, a 1989, zazzaɓin Lasa ya ɓarke a wasu ƙananan asibitoci biyu a Jihar Imo, masu bincike suka gano sake amfani da sirinji ne babban abin da ya yaɗa shi tsakanin majinyata. Mutum 34 suka kamu, 22 suka rasu, cikinsu har da ma'aikata. Wannan na ƙarshen ku jaddada wa yaranku shi, don mai zazzaɓin da ya ƙi jin magani shi ne ake kawowa a nemi jijiyarsa, kuma mai riƙe da allurar shi ne mafi kusa da jinin.

Wanda yake bayyana da wuri shi ne maruru. Kwana uku zuwa mako bayan allura wurin ya taurare, ya yi zafi, mutum ya kasa zama. Ana ta gasawa da ruwan zafi ana shafa man zafi, mugunya tana ci ta ciki, ƙarshe sai an tsaga, a yi makonni ana wanki. Ga mai ciwon suga abin yana iya zama ajali. A ƙarin ruwa kuma babu ma tsokar da za ta tsare dattin a wuri ɗaya. Idan ana cikin ƙari mutum ya kama rawar ɗari har haƙora suna haɗuwa, sai ka ji an ce zazzaɓin ne yake fita. Ba fita yake ba, sau da yawa shiga yake, daga ledar ko igiyar ko kanular da aka bari a hannu kwana huɗu. Abin yi a tsayar da ruwan nan take a tafi asibiti da ledar.

Na bar wanda ya fi ba ni tsoro a ƙarshe, wato jiki ya ƙi magani. Ƙwaya ma tana sa borin jini, amma yawanci tana ba da sanarwa, ƙaiƙayi da kumburin leɓe, a samu a kai mutum asibiti. Ta jijiya kuwa minti biyar ya isa. Mutum zai ce yana jin wani iri, jikinsa ya ɗau ƙaiƙayi, murya ta dushe, numfashi ya koma fito, gumi ya keto, ya sulale. Maƙogwaro ne yake kumbura yana toshewa, jijiyoyin jini kuma sun saki gaba ɗaya. Penisilin da 'yan'uwanta irin su seftiriyazon su ne kan gaba, dikulofenak ma tana yi, har bitamin ɗin da ake zubawa a leda don kwalliya. Ban manta wani magidanci da aka kawo mana a Adaidaita Sahu ba, ɗan shekara talatin da 'yan kai, da ƙafarsa ya je shago saboda ciwon maƙogwaro. Yaron da ya yi masa allurar ya biyo su yana kuka yana cewa wallahi watan jiya ya yi masa irinta lafiya lau. Gaskiya ya faɗa. Haka abin yake, karon farko jiki yake sanin maganin, a wani karon ya yi masa bore. Don haka an taɓa yi mini ba hujja ba ce, ɗan ɗigon gwajin da ake yi a fata a shago ma ba ya ba da tabbas. Mutumin ya riga ya cika kafin su iso.

Na tambayi yaron me ya ba shi, ya ce haidirokotizon. Ita kowa yake ajiyewa, ita kuwa sai bayan awanni take aiki. Abin da ke juyo da wannan hali adirenalin ce, rabin mililita ga babba a tsokar gefen cinya, a kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, a maimaita bayan minti biyar idan bai farfaɗo ba, a sa oksijin, a samu wanda ya iya buɗe hanyar numfashi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kada kuma a fahimce ni cewa a sayi adirenalin a ajiye a ci gaba. Ita kanta idan aka tura ta jijiya bisa kuskure tana iya tsayar da zuciya. Ina lissafo muku ne ku ga yawan abin da ya kamata ya tsaya a bayan allura guda ɗaya.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu masu saye muna da namu laifin. Mu ne muke cewa ƙwaya ba ta yi mana aiki, mu ne muke ganin wanda bai tsira mana allura ba bai san aiki ba, mu tsallaka shagon gaba. Wasu ma'aikatan asibiti ma, abokan aikina, su suka koya wa jama'a wannan ɗabi'a, wasunsu kuma da yamma su ne a bayan labulen. Na san mai shago ɗaya ba zai iya dainawa shi kaɗai ba, maƙwabcinsa zai kwashe masa ciniki. Shi ya sa ban rubuta wa mai shago ɗaya ba, na rubuto wa waɗanda in suka ce a daina, layi gaba ɗaya zai daina rana ɗaya.

Ga abin da muke roƙo. Ku fitar da matsaya a rubuce, da sa hannunku, cewa ɗan ƙungiya ba ya allura ba ya ƙarin ruwa a shago ko a gidan mutane, a karanta ta a taron kowane reshe, a liƙa ta da Hausa, boko da ajami, a ƙofar kowane shago, don mai shago ya samu abin nuna wa wanda ya matsa masa. Kwamitinku da ke zagayawa karɓar kuɗin ƙungiya ya riƙa leƙa bayan kanta. Inda ya ga ƙusar rataya leda da kwalin sirinji da aka yi amfani da su, a yi gargaɗi sau ɗaya, na biyu ku da kanku ku miƙa sunansa ga hukuma, kada ku je belinsa. Wanda yake da takardar jinya ko ta lafiyar al'umma yana ganin ya iya, ya je ya yi rajistar wurin a matsayin ɗakin shan magani, a zo a duba kayansa, domin takardarsa ba ta mayar da shago asibiti.

Muna kuma roƙon ku ba yaranku abin da za su yi a madadin allurar, don ba a raba mutum da abin hannunsa a bar shi haka. Kowane shago ya ajiye abin gwajin zazzaɓin cizon sauro na tsinke, da ingantacciyar ƙwayarsa ta kwana uku, da ruwan gishiri da sukari tare da zink. Yawancin waɗanda ake yi wa allurar atimita suna tafe da ƙafarsu suna sha suna ci, ƙwaya ce maganinsu. Wanda yake buƙatar allura da gaske kuwa, ai ciwonsa ya wuce shago: yaron da ya kasa kama nono ko shan ruwa, mai aman duk abin da ya shiga cikinsa, mai jijjiga, wanda ba ya farkawa sosai, mai numfashi da ƙyar, mai farin ido da tafin hannu, mai jego da ke haki. A koya wa kowane yaron shago waɗannan alamu har ya haddace, a ba shi 'yar takardar turawa da zai rubuta abin da ya gani da abin da ya bayar da lokacin da ya bayar. Mu a ɗakin gaggawa rashin sanin abin da aka riga aka yi wa mutum yana cinye mana lokaci mai yawa, domin dangi suna ɓoyewa don kada a kama wanda ya taimake su. Kowane reshe kuma ya san asibitin da ya fi kusa da shi mai aiki da dare, da lambar mai Adaidaita biyu ko uku da za a iya tasa.

Idan kun amince, ku ba ni rabin awa a taronku na wata. Zan zo da sikeli da leda ɗaya da igiyarta da agogo, mu rataya ta a gaban kowa mu ƙirga ɗigon tare. Maƙwabciyar tawa ta ce za ta biyo ni da yaron, yanzu ya fara gudu.

Allah ya ƙara muku lafiya, ya yi muku jagora. Wassalam.

'Yar'uwarku,
tsohuwar ma'aikaciyar jinya, a madadin matan unguwarmu, Kano.